Jawabin minti uku a asambili kan karatu kullum: me za a sa, me za a cire?

Maman Zainab:
Assalamu alaikum malamai. 'Yata tana aji biyar na sakandare, an ba ta aikin yin jawabi a asambili ranar Litinin kan dalilin da ya sa ya kamata matasa su riƙa karatu kullum. Minti uku aka ba ta, kuma da Hausa za ta yi. Ta cika shafi biyu na babbar takarda. Ga yadda ta fara: "Ilimi gishirin zaman duniya. Karatu yana da matuƙar muhimmanci ga rayuwar ɗan Adam. Idan babu karatu babu ci gaba. Karatu yana da amfani guda goma, na farko..." Don Allah a duba mana, ni dai na ji kamar ya yi tsawo.

Malam Sani Mai Hausa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Jinki daidai ne, ya yi tsawo. Shafi biyu na babbar takarda a rubutun ɗaliba yakan kai kalma 500 ko fiye. Wanda yake magana a fili, gaban ɗaruruwan yara, yana tsayawa yana numfashi, abin da zai iya faɗa a ji shi sosai bai wuce kalma 110 zuwa 120 a minti ɗaya ba. Minti uku ke nan kalma 330 zuwa 360. In ta shiga da 500, ɗayan biyu ne zai faru: ko ta yi ta zuba kamar ana korarta har na baya su kasa gane komai, ko a buga ƙararrawa tana kan amfani na bakwai.

Amma tsawon ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar tana cikin kalmar "karatu" ita kanta. A Hausa in ka ce wa yaro "ka yi karatu", abin da zai fahimta shi ne ya je makaranta, ya yi bitar darasi, ya ci jarrabawa. Wanda ya ba da wannan batu kuwa abin da yake nufi shi ne ɗaukar littafi ko jarida a karanta kullum, ko da ba za a tambaye ka a jarrabawa ba, wato karance-karance. Buɗewar Zainab ta faɗa wannan ramin: duk jimlolinta uku na farko a kan ilimi suke. Yaran da ke tsaye a layi sun riga sun zo makaranta, ba sa bukatar a ce musu ilimi yana da kyau. Dole a cikin daƙiƙa talatin na farko ta bayyana wane karatu take nufi, in ba haka ba kowa zai ɗauka nasihar da aka saba ce, kunnuwa su toshe.

Abdul Funtuwa:
Malam ai ba ta ma yi gaisuwar ba. Ta fara da: "Shugaban wannan zama, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, abokan karawata, 'yan kallo, barkanku da warhaka. Na tsaya a gabanku domin in goyi bayan batun da ke cewa..." Sannan ta kawo hujja uku ta rushe ta abokan hamayya. Haka ake cin maki.

Malama Hadiza:
Abdul, wannan gaisuwar muhawara ce ka kawo. A asambili babu alƙalai, babu mai riƙe agogo, babu ɓangaren da ake karawa da shi. In ta ce "alƙalai masu adalci" yara za su fara waige-waige suna dariya, kuma daga nan ta rasa su. Gaisuwar asambili jimla ɗaya ce, daga babba zuwa ƙarami: shugaban makaranta, mataimakansa, malamai, sannan 'yan'uwa ɗalibai. Daƙiƙa goma zuwa sha biyar. Kada ta lissafa kowane malami da muƙaminsa, domin in ta tsallake mutum ɗaya ta yi laifi, in kuma ta ambaci kowa rabin minti ya tafi.

Sai dai akwai abu ɗaya mai amfani a maganarka. Ko da babu abokin hamayya a tsaye, akwai shi a zuciyar kowane yaro da ke sauraro. Yana cewa a ransa "ni ba ni da lokaci" ko "ina zan samu kuɗin littafi". Jawabin da bai amsa wannan ba bai gama aikinsa ba.

Abdul Funtuwa:
Na gane Malama, na ɗauka gasa ce. To in da muhawarar ce fa, me ɗaya ɓangaren zai ce? Ai ba wanda zai tashi ya ce kada a yi karatu.

Malama Hadiza:
Shi ya sa ba a ba da shi haka a muhawara. Sai an juya shi ya samu fuska biyu, misali a ce wajibi ne kowace makaranta ta ware minti ashirin kullum don karanta littafin da ba na darasi ba. A nan mai adawa yana da abin faɗa: jadawali ya riga ya cika, littattafan ba su isa ba, kuma abin da aka tilasta wa yaro yakan fita masa a rai. Amma mu bar wannan, kada mu rikita Hajiya.

Malam Sani Mai Hausa:
Mu koma kan amfani goma ɗin. Mai karanta takarda yana iya komawa baya ya sake dubawa, mai sauraro ba ya iyawa. Yaro yana tsaye, rana ta fara zafi, na kusa da shi yana taka masa takalmi, lasifikar tana ƙara. In aka ba shi abu goma, zai shiga aji bai riƙe ko ɗaya ba. Hujja biyu ta ishe ta, kowace ta samu kamar daƙiƙa arba'in da biyar, kuma kowace ta zo da abin da yaro zai iya gani da idonsa.

Gwajin da za ki yi mata mai sauƙi ne, Hajiya. Ki ɗauki kowace jimla ki cire kalmar "karatu" ki sa "tsafta" ko "ladabi". In jimlar ta zauna daram, to a goge ta. "Karatu yana da matuƙar muhimmanci ga rayuwar ɗan Adam": sa "tsafta" a wurin, ba abin da ya canza. Ke nan jimlar ba ta faɗi komai game da karatu ba. Amma "wanda yake karatu kullum ba ya bin layi da yatsa a ɗakin jarrabawa", wannan ba za ki iya sa tsafta a ciki ba. Irinta ake nema.

Injiniya Bello:
Ni shawarata ta buɗe da alƙaluma, su suke girgiza mutane. Ta ce bincike ya nuna kashi kaza na matasan Najeriya ba sa karanta littafi ko ɗaya a shekara. Sannan ta kawo maganar nan da ake yi cewa in kana son ɓoye wa baƙin mutum abu, ka sa shi a littafi. Za ka ga an yi tsit.

Malam Sani Mai Hausa:
Injiniya, rabin maganarka na karɓa. Lamba tana kama kunne, gaskiya ne. Amma "kashi kaza" ɗin daga ina? Irin waɗannan alƙaluman suna yawo a waya ba tare da an san wa ya yi binciken ba, ko yaushe, ko mutum nawa aka tambaya. In malami ya tsayar da ita bayan asambili ya ce wane bincike ne, ba ta da amsa. Kuma mun koya mata ke nan cewa ana iya faɗar abin da ba a tabbatar ba muddin ya yi daɗin ji, a cikin jawabin da ke kiran mutane su yi karatu.

Lambar da ta fi ƙarfi ita ce wadda yaran za su iya lissafawa da kansu suna tsaye. Shafi biyar a rana. Sati sha biyu kwana 84 ne. Biyar sau 84 ya ba da shafi 420. Littafi mai shafi ɗari, ka gama huɗu ke nan a zango ɗaya har da ragowa. A shekara, biyar sau 365, shafi 1,825, littafi sha takwas. Babu mai iya musa wannan, domin lissafi ne.

Maganar baƙin mutum kuwa, don Allah a bar ta. Zagi ce, kuma ba gaskiya ba ce. Ƙasar da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, ba a ce wa 'ya'yanta an ɓoye musu abu a littafi. Ban da haka, mai jawabin da ya fara da kunyata masu sauraronsa ya sa sun ɗaure fuska tun kafin ya kai ga hujjarsa.

Injiniya Bello:
Na yarda da batun alƙaluman. Amma a kan kunyatawa ban sauka ba tukuna. Wani lokaci sai an ɗan taɓa mutum yake farkawa.

Malama Hadiza:
Shugaban makaranta yana iya taɓa su, Injiniya, domin uba ne. Zainab tsararsu ce, za ta sauka daga kan dandamali ta koma aji ta zauna da su. In ta yi musu faɗa, abin da za ta ji duk satin shi ne "ke wa ya aike ki". Shi ya sa ya kamata ta riƙa cewa "mu" maimakon "ku". "Muna ɓata lokaci" ana karɓarsa, "kuna ɓata lokaci" ana mayar mata da shi.

Alaramma Isa:
Assalamu alaikum. Na ga ba wanda ya ambaci abin da ya fi cancanta a fara da shi. Kalmar farko da aka saukar wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce "Iƙra", a farkon Suratul Alaƙ, kuma a aya ta huɗu aka ambaci alƙalami. Yarinya Musulma tana magana kan karatu ba za ta rasa wannan ba. Abin da zan ja kunne a kai guda biyu ne. In za ta kawo ayar, ta je wurin malamin Islamiyya ya saurare ta tukuna, kada ta yi kuskuren wasali a gaban jama'a. Na biyu, ɗalibai suna yawan kawo "ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne" su ce hadisi ne. Malaman hadisi da yawa sun raunana shi, wasu ma sun ce ba shi da asali. Kada ta jingina wa Annabi abin da bai tabbata ba don kawai jawabi ya yi armashi.

Malama Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, gargaɗin nan na biyu ya zo a kan gaɓa, kusan duk jawabin ɗalibai yana ciki. A kan ayar kuwa ina da ɗan tsokaci. Kusan kowane yaro da aka ba wannan batu da ita yake buɗewa, har masu sauraro sun san abin da zai biyo baya. Ba raina ayar ba ne, tsoron da nake yi shi ne a mai da ita ado, a karanta a wuce ba a ɗora komai a kanta ba. Kuma ya danganta da makarantar: in akwai ɗalibai Kiristoci, dole sauran hujjojin su tsaya da ƙafarsu yadda kowa zai ga da shi ake.

Alaramma Isa:
Malama, saba jin abu ba ya rage masa daraja. Fatiha ma kullum ake karanta ta. Amma na yarda a ɗora wani abu a kai. Ga abin da zan ba ta: duk yaron da ya yi makarantar allo ya san ba a haddace izu a zama ɗaya. Kullum ake biya kaɗan, a wanke allo, a sake rubutu, kuma wanda ya bar tilawa sati biyu ya san yadda karatun ke zubewa. Batun da aka ba ta ai "kullum" ne, to ga hujjar "kullum" ɗin a hannunsu tun suna ƙanana.

Malam Sani Mai Hausa:
Alaramma ka kawo abin da duk muka tsallake. Kalmar da ta fi nauyi a batun ita ce "kullum", kuma ita ɗalibai suke mantawa, su yi ta bayanin amfanin karatu ba su ce me ya sa sai kowace rana ba. Bari in haɗa abin da aka faɗa in rubuta samfuri. Hajiya, kada Zainab ta kwafe shi, ta duba ginin kawai ta zuba nata kalmomin.

"Shugaban makaranta, mataimakansa, malamanmu, 'yan'uwana ɗalibai, assalamu alaikum, barkanmu da safiya.

Ina da tambaya, amma kada kowa ya ɗaga hannu, ya amsa a zuciyarsa. Ban da littafin darasi, yaushe rabonmu da karanta shafi biyar a jere? Wannan karatun nake nufi yau: labari, tarihi, jarida, waƙa, duk abin da ba malami ne ya ce a karanta ba.

Dalilina na farko shi ne sauri. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce a cikin awa biyu. In muka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa arba'in. A cikin daƙiƙa arba'in ɗin za ka karanta tambayar, ka karanta amsoshi huɗu, ka yi tunani, ka zaɓa. Wanda sai ya maimaita jimla sau uku kafin ya gane ta, lokacinsa ya ƙare ko da ya san amsar. Saurin karatu ba a sayensa ana gobe jarrabawa. Ido ne yake sabawa a hankali.

Dalili na biyu shi ne kalmomi. Dukanmu mun san zaman nan da biro a hannu, an ce a rubuta insha'i, maganar tana cikin kai amma ta ƙi saukowa takarda. Ba a ɗebo ruwa daga randar da ba a zuba mata ba. Kowane shafi da muka karanta yana zuba mana kalma da salon jimla, ranar da muke bukata mu ɗebo.

Me ya sa sai kullum? Duk wanda ya yi makarantar allo ya san amsar. Kaɗan ake biyawa kowace rana, kuma wanda ya bar tilawa sati biyu sai ya ga karatu ya zube.

Wani zai ce ba shi da lokaci. Shafi biyar nake roƙo, kamar minti goma sha biyar. A sati sha biyu ya zama shafi 420, littafi huɗu ke nan. Wani zai ce ba shi da littafi. In mutum huɗu suka samo ɗaya-ɗaya suka riƙa musanya, kowa ya karanta huɗu.

Don haka ga roƙona. Yau kafin a tashi, kowa ya ari littafi ɗaya, a laburare ko a wurin aboki. Yau da dare, shafi biyar. Ranar Litinin mai zuwa, ka tambayi na kusa da kai a wannan layin shafi nawa ya kai. Da yayyafi kogi kan cika. Na gode."

Bai kai kalma 330 ba, da gangan na bar sarari saboda tsayawa bayan tambayar farko da kuma maimaita lambobin.

Malama Hadiza:
Ginin ya yi, Malam. Ina da gyara biyu. Asambili ya haɗa har da 'yan aji ɗaya, yara masu shekara sha ɗaya ko sha biyu. JAMB tana gabansu da shekara biyar ko shida, ba ta taɓa su ba. A ƙara jimla ɗaya dominsu: "Ƙannenmu na aji ɗaya, ku ma kun san yadda ake karɓe takarda kuna kan tambaya ta ƙarshe." Da wannan an jawo su ciki.

Na biyu shi ne minti goma sha biyar ɗin. Ga mai karatu da sauri haka ne. Amma a kowace makaranta akwai yaran da shafi ɗaya na Turanci yake cin musu minti biyar ko shida, kuma su ne suka fi bukatar wannan jawabi. In suka gwada daren farko suka ga rabin awa ta wuce ba su gama ba, za su ce abin ba nasu ba ne. Ni da zan so ta ce: shafi biyar, wanda bai iya ba ya fara da biyu, kuma ya fara da harshen da ya fi masa sauƙi.

Malam Sani Mai Hausa:
Gyara na farko na karɓa hannu biyu. Na biyu ina da fargaba. Ƙarfin roƙon yana cikin kasancewarsa ɗaya. Da zarar an ce biyar ko biyu, Hausa ko Turanci, sai ya zama zaɓi, kuma yaro ya fita bai san takamaiman abin da aka ce ya yi ba.

Malama Hadiza:
To a mai da roƙon lokaci maimakon shafi. Minti goma sha biyar kullum, kowa ya kai inda ya kai.

Malam Sani Mai Hausa:
Sai lissafin 420 ɗin ya rushe, kuma shi ne abin da za su riƙe. Ban da haka, shafi ana ganinsa, ana naɗe kusurwar takarda a ce nan na tsaya. Minti kuwa yaro da yawa ba shi da agogo. Zainab ta san 'yan makarantarsu fiye da mu, ita ta zaɓa.

Ummi 'yar Jami'a:
Malamai ku yi haƙuri in sa baki. Ni ƙanena kullum yana karatu a waya, labaran Hausa da ake turawa kashi-kashi, wani lokaci har awa biyu. Amma insha'insa bai gyaru ba ko kaɗan. To in Zainab ta ce karatu yana gyara rubutu, yara irinsa za su ce ai muna yi. Shin wannan yana cikin lissafi ko ba ya ciki?

Injiniya Bello:
Ba ya ciki. Ta fito fili ta ce a ajiye waya.

Malama Hadiza:
Ba zan ce haka kai tsaye ba. Ƙanenki yana samun rabin amfanin, Ummi: idonsa yana sabawa da dogon rubutu, kuma ya iya zama da labari. Abin da ba ya samu shi ne rubutun da aka tace. Da yawa daga abin da ake turawa a waya ba a bin ƙa'idar rubutu: ana haɗe "ya na" da "yana" yadda aka ga dama, ba a bambanta "ƙ" da "k" ko "ɗ" da "d", aya da waƙafi sai an ga dama. Abin da ido ya saba gani shi hannu yake rubutawa. Kuma in insha'in Turanci ake magana, karatun Hausa zai ba shi tunani da tsarin labari, amma kalmomin Turanci sai daga karatun Turanci.

A jawabin minti uku babu wurin wannan bayani duka. Jimla ɗaya ta isa: "Ko a takarda ko a waya, mu zaɓi abin da aka rubuta da kyau, mu kashe saƙonni har mu gama." In ta ce a jefar da waya gaba ɗaya, babu wanda zai bi, kuma wasu yaran wayar iyayensu ce kaɗai laburarensu.

Injiniya Bello:
Kashe saƙonnin nan shi ne abin da ba za su yi ba, Malama. Ni dai ina nan kan takarda.

Maman Zainab:
Allah ya saka da alheri, mun samu abin yi. Saura tambaya ɗaya: ta haddace ne ko ta karanta daga takarda? Tana da rawar murya in ta ga jama'a.

Malam Sani Mai Hausa:
Kada ta yi ko ɗaya daga ciki gaba ɗaya. Mai haddace kalma da kalma, in kalma ɗaya ta kuɓuce sai duk zaren ya tsinke, ka ga yaro ya tsaya yana kallon sama yana maimaita jimlar baya. Mai karantawa daga takarda kuma kansa yana ƙasa, muryar tana tafiya cikin takardar, na baya ba sa ji. Ta haddace abu biyu kawai sosai: gaisuwa da tambayar farko, sai roƙon ƙarshe. Tsakiyar ta rubuta a ɗan kati mai girman tafin hannu, kalma shida ko bakwai da manyan baƙaƙe: sauri, 180, randa, allo, 420, musanya, roƙo. Kati mai kauri ya fi fallen takarda, domin in hannu yana rawa takarda tana kaɗawa kowa ya gani, iska ma tana naɗe ta.

Ta gwada sau biyar aƙalla kafin Litinin, a tsaye, da murya sama, ke kina riƙe da agogo. Ki tsaya a can ƙarshen tsakar gida, duk kalmar da ba ki ji ba ki ɗaga hannu. In a gida ta gama a minti uku cif, a rage jimla biyu, saboda a fili akwai jiran a yi shiru da gyaran makirufo. In kuma ta gama a minti biyu, sauri take yi, ba ƙarin magana take bukata ba.

Malama Hadiza:
Ƙari kan rawar murya: yawanci a jimla biyu na farko take, daga nan ta lafa. Kafin ta ce komai ta tsaya, ta ja numfashi, ta kalli layin baya. Makirufo ya kasance kamar faɗin yatsu huɗu daga bakinta, in ta manna shi sai "b" da "f" su riƙa fashewa. Bayan tambayar farko ta ƙirga uku a zuciya kafin ta ci gaba, shirun zai yi mata tsawo amma a wurin masu sauraro daidai ne. Lambobin kuma ta faɗe su a hankali, 180 da 420 kowace sau biyu. In wuta ta ɗauke lasifika ta mutu, kada ta tsaya jira, ta matso gaba taku biyu ta ɗaga murya.

Abdul Funtuwa:
Malam Sani, in irin wannan tambayar ta fito a WAEC fa, wannan samfurin zai wadatar?

Malam Sani Mai Hausa:
Ginin zai yi, tsawon ba zai yi ba. A takardar Turanci ta WAEC ana son insha'i ya kai kalma 450, don haka sai ka ƙara hujja ta uku cikakkiya, misali yadda karatu yake sa mutum ya iya bambance labarin gaskiya da jita-jita, ka kuma faɗaɗa amsar masu cewa ba lokaci. Ka sa take a sama, ka fara da gaisuwa, ka rufe da godiya. Kada ka sa adireshi ko rufewa irin ta wasiƙa, kuskure ne da ake yawan yi. Mai duba takarda yana ba da maki kan abin da ka faɗa, da tsari, da iya sarrafa harshe, da kuma tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da haruffa, kuma sarrafa harshe ne ya fi maki. Ka rubuta yadda za a ji cewa magana ce ake yi wa mutane, kana kiran su a tsakiya, ba a farko kaɗai ba. Karin maganar Hausa kuma kada ka juya ta kalma da kalma zuwa Turanci, sau da yawa ma'anar ba ta tsallakawa.

Maman Zainab:
Na karanta mata duka. Ta ce za ta riƙe shafi biyar ɗin amma ta ƙara "wanda bai iya ba ya fara da biyu", kuma tana son ayar a farko kafin tambayar. Mun gwada da agogo yanzu, minti uku da daƙiƙa ashirin. Me za mu cire?

Malama Hadiza:
Ta cire jimlar "Saurin karatu ba a sayensa" da wadda ke bin ta, hujjar ta riga ta tsaya ba tare da su ba. Ta kuma taƙaita jerin "labari, tarihi, jarida, waƙa" zuwa biyu. Ku sake gwadawa gobe da safe ki faɗa mana abin da agogo ya nuna.